Shirya Yaro Ɗan Shekara Huɗu Kafin a Yi Masa Ƙane

 

Akwai wani abu da kowane malamin asibiti na ƙauye ya saba gani. Mace ta kan zo ɗakin magani mako shida bayan haihuwa, da jariri a bayanta za a yi masa allurar rigakafi, ga kuma wani yaro na biye da ita ya riƙe gefen zanenta gam. In an gama da jaririn sai ta ce, "Malam, don Allah a duba mini wannan ma. Tun da na haihu ya sake hali. Da ya daina fitsarin kwance, yanzu ya koma. Ba ya cin tuwo sai na ba shi a baki. Ko bayan gida zan shiga sai ya bi ni yana kuka." Mu kan auna zafin jikinsa, mu duba idonsa da harshensa, mu taɓa cikinsa. Sau da yawa ba mu samun cutar kome. Abin da ke damun yaron tsoro ne, yana tsoron an ƙwace masa uwa.

To, yau a kan wannan za mu yi magana, watau yadda za a shirya yaro ɗan shekara huɗu tun ƙanensa yana ciki, domin kishi da ƙulafucin uwa su zo masa da sauƙi. Ba mu ce za a hana su ɗungum ba. Wannan ba mai iyawa.

Abin da ke cikin kan ɗan shekara huɗu

Ku tuna da yadda yaron nan ya ke zaune kafin haihuwa. Shi ne auta. Shi ke kwana a bayan uwarsa, ita ke yi masa wanka, in ya gaji a hanyar biki ta kan saɓa shi a baya ko da ya ke ya yi nauyi. Ran nan kwatsam sai ya farka ya tarar mata sun cika ɗaki, an kore shi waje, an ce ya tafi wajen kaka. Da ya dawo sai ya ga wani ɗan mitsitsin abu kwance daidai inda shi ya ke kwana. Daga ranar kuwa duk abin da ya nema sai a ce masa, "Bari, ba ka ga ina ba da nono ba?"

Ɗan shekara huɗu yana da wayo, yana magana sosai, amma abubuwa biyu ba su zauna masa ba tukuna. Na farko, bai san tsawon lokaci ba. In ka ce masa "saura wata uku" daidai ya ke da ka ce masa gobe. Na biyu, bai iya rarrabe wasa da gaskiya ba a bakin manya. Abin da babba ya faɗa, shi ke nan haka ya ke. Kuma yaro a wannan shekaru ya kan ɗauka duk abin da ya auku a gida saboda shi ne ya auku. In uwa ta daina ɗaukarsa, sai ya zaci wani laifi ya yi.

Wasu masu bincike biyu a ƙasar Ingila, Judy Dunn da Carol Kendrick, sun bi gidaje 40 a wajen birnin Kambirij, suna shiga suna zama suna kallo, tun kafin a haifi ɗa na biyu har bayan haihuwa. Sun buga abin da suka gani a littafi cikin shekarar 1982. Sun tarar yawancin 'ya'yan fari sun ƙara rigima bayan haihuwa, kuma rigimar ta fi tashi sa'ad da uwa ta ke ɗawainiyar jariri. Sun kuma ga cewa wasa da hirar da uwa ke yi da babban sun ragu ƙwarai, tsawa da hani kuwa sun ƙaru. Ashe ba yaron kaɗai ya sake ba, uwa ma ta sake masa. Ko da ya ke zaman gidansu dabam ne da namu, duk wadda ta yi jego ta san wannan gaskiya ne.

Saboda haka dabarar duka guda ɗaya ce. Duk abin da za a sake wa yaro saboda jariri, a sake shi tun da wuri, jariri bai zo ba, a kuma ba shi wani dalili wanda ba jariri ba.

Yaushe za a gaya masa, kuma me za a ce?

Mun sani matanmu suna jin kunyar maganar ciki, wasu kuma suna ɓoyewa don gudun baki. Ba mu ce a yi shela a unguwa ba. Amma yaron da ke kwana a jikinki ya riga ya ga cikin, ya kuwa ji mata na yi miki sannu. Gara ya ji daga bakinki da ya ji daga bakin yaran maƙwabta.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne sa'ad da ciki ya fito sosai, wajen wata biyar zuwa shida. In an faɗa masa tun yana wata biyu, jiran zai yi masa tsawo, zai yi ta tambaya kullum har ki gaji, kuma zai kai labarin gidan kowa. In kuwa an bari sai naƙuda ta zo, an makara.

Ki zaunar da shi a ɗaki, ku biyu, ki gaya masa a taƙaice. Ki ce, "Akwai jariri a cikin nan, yana girma. In Allah ya so zai fito bayan an yanke gero." Ki ɗaura maganar a jikin abin da ya sani, ko girbi, ko Sallah, ko faɗuwar ruwan fari, ko sa'ad da mangwaro ya nuna. In jaririn ya motsa, ki ɗora hannunsa a kan cikin ya ji. Yara suna murna da wannan ƙwarai.

Akwai alkawari biyu da a kan yi wa yaro, dukansu kuwa su kan koma ciwo. Ɗaya shi ne, "Za a haifa maka abokin wasa." Yaro ya yi ta jira da langa da ƙwallonsa, sai a kawo masa wanda ba ya zama, ba ya magana, ba abin da ya iya sai barci da kuka da shan nono. Ɗayan kuwa shi ne a ce masa ƙane namiji ne ko mace ce tun ba a tabbata ba. Ki gaya masa gaskiya, ki ce jariri ba ya iya wasa sai ya daɗe, yana kuka da dare, ba shi da haƙori, kullum yana hannu. In akwai mai jego a unguwa, ki tafi da shi barka ya gani da idonsa. Sa'an nan ki ba shi labarin kansa: yadda aka haife shi, wanda ya yi masa wankan fari, irin ragon da aka yanka ran sunansa, da zanen da kika goya shi da shi. In zanen yana nan ki fito da shi ya gani. Yaron da ya san shi ma an yi masa duk wannan hidima ba ya ɗaukar ta jariri kamar wata gata ce da aka hana shi.

Misalin wani gida

Bari mu ɗauki misali mu bi shi daki-daki. Ga mace da ɗanta mai shekara huɗu da wata biyu. Mu kira shi Auta, gama har yanzu shi ne. Suna zaune a babban gida, akwai kakarsa ta wajen uba, akwai kuma yarinya 'yar shekara goma sha ɗaya, 'yar abokiyar zaman uwarsa. A wurin awo an gaya wa uwar haihuwa za ta zo wajen ƙarshen damina. Yanzu cikin yana wata shida. Saura mata kamar mako goma sha biyu ke nan, kuma akwai abubuwa uku da dole su sake: wurin kwanan Auta, mai yi masa wanka, da goyon da a ke yi masa.

Kada ta taɓa su duka rana ɗaya. Ta fara da goyo, don shi ya fi sauƙi, kuma ciki da kansa zai hana. Amma kada ta ce, "Ba zan ɗauke ka ba, za ka danne jariri." In ta faɗi haka ta riga ta sa gaba tsakaninsu tun ba su ga juna ba. Sai ta ce, "Ƙafafunka sun yi tsawo, har suna dukan gwiwata. Zo ka riƙe hannuna mu tafi, in mun isa ka zauna kusa da ni." Ta hana shi baya, ta ba shi gefe.

Bayan mako biyu sai wanka. Yayarsa ta fara yi masa, uwa na zaune kusa tana kallo tana zuba baki. In an yi kwana huɗu ko biyar haka, uwa ta riƙa tashi tana ɗan aikinta, ta dawo sa'ad da za a shafa mai. Shafa man nan ta riƙe shi a hannunta, kada ta sake shi, gama aiki ne na minti kaɗan wanda mai jego ma tana iya yi daga zaune. Za mu komo kansa.

Wurin kwana shi ne mai wuya, shi ya sa a ke ba shi lokaci mai yawa. A fara shi ciki na wata bakwai, kada a wuce haka. Mako na farko a shimfiɗa masa tabarmarsa ko 'yar katifa dab da gadon uwa, inda in ya miƙa hannu zai taɓa ta. A ce masa tasa ce, ta manya, a bar shi ya shimfiɗa da kansa ya naɗe da safe. Zai hau gado da tsakar dare, wannan ba makawa. A mai da shi ba faɗa, ko sau uku ne a dare ɗaya. Yawanci cikin mako ɗaya ko biyu ya kan saba. In niyyar gida ita ce ya koma ɗakin kaka, sai a fara da barcin rana a can, sa'an nan dare ɗaya a mako, sa'an nan biyu, har ya zama nan ne ɗakinsa wata guda cur kafin haihuwa. In kuwa ɗakin uwa yana da fili, a bar shi a tabarmarsa, ba lalle ne a fitar da shi ba.

A nan sai mu ja kunnenku da babbar murya. Yaron da aka ɗauke daga gadon uwarsa an fitar da shi daga cikin gidan sauro ke nan. Sau da yawa gidan sauro ɗaya ne a ɗakin, wanda aka ba uwa a wurin awo, ita da jariri za su shiga. Auta kuwa bai kai shekara biyar ba, yana cikin waɗanda zazzaɓin cizon sauro ya fi kayarwa, ga shi haihuwar ta faɗo cikin damina. Kada a matsar da shi ko taƙi ɗaya sai an ɗaura masa nasa gidan sauron mai magani, ko a tabbata na kaka ba shi da huji kuma ana sakinsa kowane dare. Kai maigida, wannan aikinka ne.

Saura mako biyu ko uku, sai uwa ta gaya wa Auta yadda ranar za ta kasance. Ta ce, "Ran da jariri zai fito zan tafi asibiti, zan kwana ɗaya ko biyu. Kai kana wajen Kaka, ita za ta ba ka koko da safe. Sa'an nan in dawo." Ta maimaita masa sau da yawa, har ya iya faɗa da kansa. In naƙuda ta zo da rana, ta yi masa sallama ko da a tsaye ne. Sulalewa a ɓoye don gudun kukansa shi ke haifar da ƙulafuci mai tsanani, domin yaron da uwarsa ta taɓa ɓacewa ba sallama ba zai ƙara yarda ta fita daga idonsa ba. In kuwa a gida za a haihu, a kai shi wani sashe tun da wuri. Nishin naƙuda da ganin jini suna firgita yaro, har ya ɗauka jariri ne ya ji wa uwarsa ciwo.

Wani abu kuma. In akwai niyyar ba da yaron riƙo ga gwaggo ko kaka a wani gari, ko sa shi makarantar allo, a yi tun watanni kafin haihuwa, ko kuwa a jinkirta sai jariri ya yi wata uku ko huɗu. Yaron da aka sa a mota cikin makon suna, kome za a gaya masa, a ransa korarsa aka yi.

Daga haihuwa zuwa arba'in

Sa'ad da za a kawo Auta ya ga ƙanensa da fari, uwa ta ajiye jaririn a shimfiɗa ko ta miƙa wa ungozoma, hannunta ya zama ba kome. Ta fara rungumar babban, ta tambaye shi abin da ya ci, sa'an nan su duba jaririn tare. In ya kalla sau ɗaya ya juya ya tafi wasansa, a ƙyale shi. Kada a tsare shi a ce sai ya ce yana so.

Yanzu sai maganar 'yan barka, kuma ku gafarce mu, gama za mu taɓa manya. A kowane gidan haihuwa sai an sami mai cewa, "Auta, an sauke ka! An yi maka kishiya, yanzu ba mai son ka." Ko kuwa, "Uwarka ta sayo sabo, kai za mu tafi da kai." Kakanni sun fi kowa, da ya ke akwai wasa tsakaninsu da jikoki. Kowa ya yi dariya, yaro ya ruga ya ɓuya bayan ƙofa. Wasan kaka da jika abu ne mai daɗi, ba mu ce a bari ba. Amma mun riga mun gaya muku ɗan shekara huɗu bai san wasa a irin wannan magana ba. Mace ashirin in sun shigo barka, kowace ta faɗa sau ɗaya, ya ji sau ashirin ke nan cewa an yar da shi. Aikin wata uku sai ya rushe a wuni ɗaya. Mai jego ba ta iya tsawata wa surukarta, saboda haka maigida ne zai roƙi mahaifiyarsa tun kafin haihuwa, ita kuma ta hana sauran. In maganar ta riga ta fita, uwa ta jawo yaron ta ce a gaban kowa, "Wasa ta ke yi. Ba inda za ka."

Ran suna, watau kwana na bakwai, gida ya kan cika, a yanka rago, wanzami ya yi aski, kaya su yi ta shigowa, duka na jariri. In da hali a ɗinka wa babban riga daga cikin atamfar suna ko wani yadi, a ba shi aiki kuma, ko miƙa wa baƙi tabarma, ko raba alewa ga yara. A kuma sa mutum ɗaya takamaimai ya lura da cinsa a ranar. A cikin taro kowa ya kan zaci wani ya ba shi, har dare ya yi yaro bai ci kome ba sai ƙashin nama.

Lokacin ba da nono shi ne lokacin fitina. Da uwa ta zauna ta ɗora jariri, sai Auta ya tuna yana jin ƙishirwa, ko ya kifar da kwano, ko ya hau katanga. Ya lura hannunta a ɗaure ya ke. Maganinsa a riga shi. Kafin ki zauna, ki ba shi ruwa, ki kai shi ya yi fitsari, sa'an nan ki kira shi ya zauna a gefenki. Hannu ɗaya na riƙe da jariri, baki kuwa ba abin da ya riƙe shi, sai ki yi masa tatsuniya. In aka yi haka kwana kaɗan, shi da kansa zai riƙa cewa a ba jariri nono don ya ji ƙarshen labarin Gizo. In ya ce shi ma zai sha, kada a yi masa dariya ko a kunyata shi. Ki ce, "Kai ka sha naka har ka ƙoshi, ka yi haƙora. Shi ko ƙosai ba ya iya ci."

Masu binciken nan da muka ambata sun ga wani abu kuma mai amfani. Uwayen da su kan yi wa babban maganar jariri kamar mutum mai ji da so, suna jawo shi cikin shawara, 'ya'yansu sun fi shiri da juna bayan shekara guda. Ba wuya gare shi. Ki ce, "Ji yana kuka. Kana tsammani yunwa ce ko ya jiƙe ne?" Ko kuwa, "Dubi yadda ya ke bin ka da ido, ya san muryarka." A ba shi ƙananan aika, ya miƙo tsumma, ya kore ƙuda, ya zaɓi rigar da za a sa. Amma in ya ƙi, a bar shi. Kada kuma a cika masa kunne da "kai babba ne." Ana so ya ji daɗin girma, amma shekararsa huɗu ce tak, wata rana zai so a lallashe shi kamar jariri. In ya koma maganar jarirai ko tsotsar yatsa, a yi kamar ba a gani ba, a yaba masa sa'ad da ya yi abin manya. Duka da gori ƙara abin su ke yi.

Mun ce za mu komo kan shafa mai. Kowace rana uwa ta ware wa babban ɗan lokaci nasa shi kaɗai, ko minti goma ne, jariri na barci ko yana hannun wata. A sa shi a lokaci ɗaya kullum, misali bayan wankan yamma, don yaro ya san yana zuwa. Ta shafa masa mai, ta taje masa kai, ta saurari surutunsa. Mun san in ɗan fari ne akwai kunya, uwa ba ta faɗin sunansa, ba ta wasa da shi gaban mutane. To, ɗaki yana da labule. Uba kuma ya riƙa jansa zuwa gona ta kusa, ko kasuwa, ko dandalin hira. A kwanakin jego ba abin da ke kwantar da ran yaro namiji ko mace kamar a ce Baba ya tafi da shi, jariri kuwa an bar shi gida don bai isa ba.

Hatsari uku

Akwai abubuwan da ba a sassauci a kansu, ko yaro na kishi ko ba ya yi.

Kada a bar ɗan shekara huɗu shi kaɗai da jariri, ko na ɗan shiga madafa. Ba sai da mugunta ba. Ya kan so ya ɗauka ya goya kamar yadda ya ga ana yi, ko ya rufa masa zane a fuska, ko ya tura masa gyaɗa a baki don ya ji yana kuka. Jariri kuwa nono kaɗai a ke ba shi har wata shida, ko ruwa ba a ƙarawa, abu ƙanƙane kuma ya isa ya shaƙe shi. In yana so ya riƙe, ya wanke hannu da sabulu, ya zauna a ƙasa ya miƙe ƙafa, a ɗora masa, hannun babba na tallafe da kan jaririn. Cibiya da maɗiga ba a taɓawa. In ya mintsini jariri ko ya kai masa duka, a riƙe hannunsa nan take a ce, "Ba a dukansa. In ka ji haushi zo ka gaya mini." A ɗauke jaririn, a bar maganar nan. In aka zane shi da bulala, lissafin da zai yi shi ne saboda wannan abu aka doke shi, sai ya jira ran da ba kowa.

Na biyu ruwan wankan jego. Ga tukunya na tafasa safe da yamma a tsakar gida, ga yaro mai bin uwa duk inda ta sa ƙafa. Ƙunar ruwan zafi a jikin ƙaramin yaro ta kan kai ga rasa rai. A kange murhu, a sa wani ya riƙe shi ko ya fita da shi har a gama wanka. In tsautsayi ya auku, a yi ta zuba ruwa mai sanyi mai tsabta a wurin har minti 20, kada a shafa manja ko ƙwai ko toka, a rufe da tsumma mai tsabta a kawo shi.

Na uku abinci. A ƙasar Gana, mutanen Ga na wajen Ankara suna da sunan wata cuta, kwashiyoko, watau ciwon da ke kama yaron da aka sauke saboda an yi masa ƙane. Wata likita, Cicely Williams, ita ta shigar da sunan cikin littattafan likitoci a 1935. Cutar ta fi kama waɗanda ba su kai Auta ba, yayayyu 'yan shekara ɗaya zuwa uku, amma sunan ya isa gargaɗi. Yaron da ya yi fushi da abinci, aka kuma haɗa shi kwano ɗaya da manyan yara masu saurin hannu, zai rame ba wanda ya lura. A zuba masa nasa dabam, a ga abin da ya ci. Sau uku a rana, da ɗan abin taɓawa sau biyu a tsakani, a riƙa sa wake, ko gyaɗa, ko ƙwai, ko kifi, ko nono.

Yaushe za a kawo shi ɗakin magani?

Yawancin yara su kan huce cikin 'yan makonni, wasu sai wata biyu ko uku. Abin ya kan ɗan taso kuma sa'ad da jariri ya fara rarrafe yana ɗaukar musu kayan wasa. Fitsarin kwance a ƙasa da shekara biyar ba a lissafa shi cuta. A shimfiɗa leda a ƙarƙashin zane, a sa shi ya yi fitsari kafin ya kwanta, a wanke da safe ba gori.

Amma kada kome ya faru a ce kishi ne. Yaro mai kishi yana rigima a gaban uwa, in ya fita waje cikin yara kuwa sai ya yi wasansa sarai. Yaro marar lafiya ba ya wasa ko'ina. Ku kawo shi ran nan in jikinsa ya yi zafi, ko yana kuka in zai yi fitsari, ko an ga jini a fitsarin. Haka kuma in yana shan ruwa ba ƙaƙƙautawa, yana yawan fitsari, yana ramewa. In ƙafafunsa sun kumbura, ko gashinsa ya yi ja ya yi laushi, wannan tamowa ce mai tsanani, ba ta jiran gobe. Muna da ɗan ma'auni mai launi uku da mu ke zagaya dantsen yaro da shi, nan da nan ya nuna ko ya rame.

Ku zo mu yi shawara kuma in wata uku sun wuce abin sai gaba ya ke yi, ko ya daina magana, ko yana ta neman ji wa jariri ciwo bayan an hana shi sau da yawa. Ke ma uwa, in kin ga baƙin ciki ya rufe ki fiye da mako biyu bayan haihuwa, kina kuka ba dalili, barci ya ƙi ko jariri na barci, ba kya son ganin yaran, ki faɗa wa ungozoma ko malamar asibiti. Ciwo ne sananne da ke samun masu jego, yana kuwa da magani, kuma sau da yawa rigimar babban ba ta kwantawa sai uwa ta sami sauƙi.

In za ku kawo jariri rigakafi, ku zo da babban da katinsa, mu ɗora shi a ma'auni shi ma. Mu kan fara auna shi kafin jariri, mu faɗi nauyinsa da ƙarfi kowa ya ji.